Ledar takardun asibiti: yadda ake fitar da tsarin jinyar tsoho mai shanyewar ɓarin jiki

Ranar sallama daga asibiti ranar kai-da-kawo ce. Wani yana layin biyan kuɗi, wani ya fita neman mota, wata tana naɗe tabarmi da haɗa kwanuka. A tsakiyar wannan hidima ake miƙa wa iyali takardu, a yi musu bayani a tsaye, su amsa da "to, Sista, mun gode", alhali rabin maganar ta bi iska. Babban fayil ɗin mara lafiya a asibiti yake zama. Abin da yake biyo shi gida shi ne takardar sallama mai rabin shafi, takardar magani, wata 'yar takarda da likitan gashi ya zana, hotunan shafukan nas-nas da wani ya ɗauka da waya, da abin da mai jinya ta riƙa rubutawa a bayan littafi. Duka a zuba su a baƙar leda ɗaya tare da rasit.

Ga wanda zazzaɓi ya kwantar, wannan ba wani abu ba ne. Ga tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, jinyar gaske a gida take farawa, kuma wata da watanni za ta ɗauka a hannun mutanen da ba su karanci aikin lafiya ba. Abin da ke cikin ledar nan shi ne kaɗai jagoransu. Matsalar ita ce mutum biyar ko shida ne suka rubuta shi, a ranaku daban-daban, kowa yana kallon ɓangarensa, kuma sau da yawa maganar wani tana karo da ta wani.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: tsarin jinya ba kwafe takardun nan da kyakkyawan rubutu ba ne. Sake musu zubi ne, a bar bin ranaku da sunayen marubuta, a bi matsalolin mara lafiya ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk inda takarda biyu suka saɓa, mai tsarawa ba shi ne alƙali ba. Aikinsa ya tono saɓanin, ya ajiye shi a fili, ya mayar da shi gaban wanda ya rubuta.

Mu ɗauki misali, irin wanda ake gani kullum a asibitocinmu. Hajiya ce mai shekara 74, tana da hawan jini da ciwon suga. An kwantar da ita ranar 2 ga wata, an sallame ta ranar 14. Hannunta da ƙafarta na dama sun yi rauni, magana tana yi mata wuya. 'Yarta, malamar makaranta, ita ce ta zauna da ledar a daren da suka dawo.

Kafin a rubuta komai

Farko a zazzage komai a kan tabarma, a ba kowace takarda lamba a kusurwarta da biro: 1, 2, 3. Kusa da lambar a rubuta ranar da aka yi ta da wanda ya yi ta. Hotunan waya da saƙon murya su ma a ba su lamba a littafi. A duba suna da lambar asibiti a kan kowace, domin a ɗakin da gadaje suke jere ba abin mamaki ba ne takardar maƙwabciya ta faɗo cikin taka. Takardar da ba ta da kwanan wata a rubuta mata "ba rana", kada a jefar, amma kada a ɗora ta a kan wadda take da rana. Idan akwai giɓi babba, iyali suna da hurumin komawa su nemi bayani. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2018 ya ambaci haƙƙin mara lafiya na samun bayanan jinyarsa.

A nan Malama ta fara cin karo da abin da ya ɗaga mata hankali. Takardar sallama ta ce ciwon a hagu yake, takardar likitan gashi ta ce dama. Babu wanda ya yi kuskure. Likita yana maganar ƙwaƙwalwa, inda hoton kai ya nuna jijiyar jini ta toshe a ɓangaren hagu, likitan gashi yana maganar jiki. Ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu shi ke sarrafa ɓarin jiki na dama, kuma a wurin mafi yawan mutane nan ne cibiyar magana take, shi ya sa harshen Hajiya ya yi nauyi. A cikin tsarin jinya na gida jiki ake rubutawa, domin shi mai jinya take taɓawa: rauni a hannu da ƙafar dama.

Layi na biyu da dole ya hau saman shafi shi ne irin ciwon: toshewar jijiya ce ko fashewarta. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo a yankinmu fashewar jijiya ce ta same su. Bambancin ba na ilimi kawai ba ne. Asfirin da ake ba mai toshewa don kare shi daga maimaici yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Duk ma'aikacin lafiyar da zai ga Hajiya nan gaba, wannan layin zai fara nema.

Daga nan sai aikin da ya fi kowane cin lokaci, kuma shi ne ƙashin bayan komai: a bi takardun layi-layi a tantance, kamar mai tsince shinkafa. Kowane layi ɗayan uku ne. Ko dai abin da aka gani ne, ko umarni ne, ko buri ne. "Ta sha ruwa kofi ɗaya" abin da aka gani ne. "A ba ta abin sha mai kauri kawai" umarni ne. "Ana son ta iya tsayuwa nan da wata ɗaya" buri ne. Mafi yawan haɗarin da ake shiga a gida daga nan yake fitowa, wato a ɗauki abin da aka gani sau ɗaya a mayar da shi izini na kullum. Likitan gashi ya rubuta cewa ranar 12 Hajiya ta taka taku biyar. Gaskiya ne, amma a ɗakin gashi ta taka, da ƙarfen dogarawa a gabanta da ma'aikata biyu a gefenta. Wannan ba ya nufin jikarta 'yar shekara 15 ta kama ta su tafi banɗaki da dare.

Bayan an tantance, sai a tara layukan bisa matsala. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani likita Ba'amurke, Lawrence Weed, shi ya yi fice wajen yaɗa ta tun 1968, da ya ga fayilolin asibiti sun zama labarin ranaku wanda ba mai iya ciro hukunci daga cikinsa. Ya ce a jera matsalolin mara lafiya da lamba, kowane bayani a ajiye shi ƙarƙashin matsalarsa. A gida ma haka za a yi, sai dai jerin ya fara da abin da ya fi saurin hallaka mutum. Ga Hajiya haɗiya ce a gaba, sai magani, sai fata, sai motsi da faɗuwa, sannan fitsari da bahaya, magana, da yanayin zuciyarta.

Haɗiya, inda takardu uku suka yi karo

Da Malama ta tara abin da ya shafi ci da sha, sai ga magana uku. Takarda ta 5, ta ranar 8, daga wadda ta gwada haɗiyar Hajiya da cokali: ruwa tsinkakke yana ƙware ta, a ba ta abin sha mai kauri da abinci mai laushi kawai. Takarda ta 3, shafin nas na ranar 12: ta sha ruwa, ba ta yi tari ba. Takarda ta 1, ta sallama, ranar 14: ta ci abincin gida, a rage gishiri da suga.

Mai gaggawa zai ce ta ƙarshe ita ce sabuwa, ita za a bi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ga dalili. Ta ranar 8 ita kaɗai ce ta fito daga gwaji. Ta ranar 12 abin da aka gani ne sau ɗaya, kuma rashin tari ba hujja ba ne, domin akwai masu wannan ciwo da abin sha yake zarcewa hanyar numfashinsu shiru, ba tari ba kakari, sai bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana. Ta ranar 14 kuwa, wanda ya rubuta ta hawan jini da suga yake tunani, mai yiwuwa bai ga 'yar guntuwar takardar ranar 8 ba. Mai yiwuwa kuma an sake gwaji Hajiya ta ci, ba a dai rubuta ba. Malama ba ta da hanyar sanin wanne ne daga kan tabarma. Saboda haka abu biyu za ta yi: ta rubuta umarnin da ya fi tsauri a matsayin na wucin gadi, ta kuma sa tambayar a saman shafin tambayoyi. Idan aka ba mutum kunu kwana uku alhali yana iya shan ruwa, an ɗan takura masa. Idan aka ba shi ruwa alhali ba ya iyawa, ana iya komawa asibiti da ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da suke kashe masu wannan ciwo a makonnin farko.

Sai dai "mai kauri" ba awo ba ne. Kokon gidan nan ba shi ne kokon gidan can ba, kuma kunun da aka dama da zafi yana ƙara kauri idan ya huce. Masana harkar haɗiya suna da ma'auni na duniya mai matakai daga 0 zuwa 7, kuma gwajinsa na abin sha mai sauƙi ne. Ana cire allura da matsi daga sirinji mai cin mililita 10, a toshe bakinsa da yatsa, a cika shi, a saki na daƙiƙa 10, a sake toshewa. Idan abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, tsinkakke ne kamar ruwa. Idan ya rage tsakanin 4 da 8, mataki na 2 ke nan, mai ɗan kauri. Idan ya haura 8, mataki na 3. Ba kowane sirinji ne yake ba da awo daidai ba, don haka a nemi ma'aikaciyar ta nuna irin wanda ya dace, ta kuma faɗi matakin da take nufi da lamba. Lambar ce za ta shiga tsarin jinya, kuma a riƙa gwadawa a daidai ɗumin da za a sha.

Akwai abubuwan da babu takardar asibitin da za ta ambata, amma mai tsarawa ta san gidansu, dole ta rubuta su da sunansu. Fura mai gudaji a cikin tsinkakken nono tana da haɗari, domin ruwan yana riga gudajin gangarawa. Kankana da lemo ma haka, ana tauna su ruwa yana tsiyaya. Dambu da ƙuli-ƙuli suna warwatsewa a baki. Sannan ga ruwan rubutu, ruwan tofi da zamzam, waɗanda 'yan dubiya suke kawowa da kyakkyawar niyya, su ɗura wa mara lafiya ba tare da kowa ya ɗauke su a matsayin "ruwa" ba. Maƙogwaro bai san bambanci ba. Ba sai an hana kowa neman albarka ba: ana iya shafa mata, ko a zuba a cikin kunun da aka riga aka auna kaurinsa, a sake gwadawa. Amma a rubuta shi ɓaro-ɓaro, domin 'yar gida ba za ta iya yi wa goggonta gardama da baki ba, takardar da ke manne a bango kuwa tana iyawa.

Ga yadda matsala ta farko ta fito a shafin Malama. Kowace matsala gida biyar take da shi, ba ƙari:

*Matsala ta 1: Haɗiya. Halin yanzu: ruwa tsinkakke yana ƙware ta (gwajin ranar 8). Buri: ta ci ta sha ba ƙwarewa har ranar sake gwaji. Abin yi: a zaunar da ita sosai kafin kowane ci, ba a kishingiɗe ba, ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin na gaba, abin sha mai kauri kawai, har ruwan magani da na rubutu, a duba kuncin dama ko abinci ya maƙale, a goge baki da haƙora bayan ci, ta zauna minti 30 kafin ta kwanta, in tana gyangyaɗi kada a ba ta komai. Alamar haɗari: tari lokacin ci, murya mai gurgurar ruwa, zazzaɓi, numfashi da sauri. Madogara: takarda ta 5; ta saɓa da ta 1 da ta 3, duba tambaya ta 1.*

Gidan ƙarshe, na madogara, shi ne wanda ake yawan tsallakewa, kuma shi ne mai raba gardama. Ranar da babban ɗa ya zo daga tafiya ya ce wa ya hana mahaifiyarsa ruwa a wannan zafi, amsar tana nan da lamba da rana. Kuma tambayarsa tana da tushe, domin wanda aka taƙaita wa kunu yakan sha ƙasa da abin da jikinsa yake buƙata, balle a watannin bazara. Saboda haka a tambayi likita adadin da za ta sha a yini, a rubuta shi da awon da kowa ya sani. In ya ce lita ɗaya da rabi, ledar fiya-wata uku ke nan, sai a auna kofinta da leda ɗaya a san kofi nawa ne. Fitsari kaɗan mai duhu da bushewar baki su ne alamar ba ta samun isasshe.

Magani: jeri ɗaya tak

A nan aikin shi ne a haɗa tushe uku wuri ɗaya: takardar maganin sallama, abin da shafin nas ya nuna ana ba ta a asibiti, da tsohuwar jakar maganinta ta gida. A misalinmu takardar sallama ta ƙunshi amlodifin miligiram 10 da lisinofiril miligiram 10 na hawan jini, asfirin miligiram 75, atobastatin miligiram 40 na kitsen jini, da metfomin miligiram 500 na suga. Waɗannan adadi na Hajiya ne, kowa da nasa. Haruffan da ake sa wa a gefe a mayar da su agogo: OD sau ɗaya a yini, BD sau biyu, TDS sau uku, PRN sai in buƙata ta taso. A shafin bango ba za a rubuta BD ba, za a rubuta ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 7 na yamma, tare da abinci. Sunan kowane magani kuwa a kwafe shi harafi-harafi yadda yake a jikin kwalinsa.

Da Malama ta juye tsohuwar jakar, abu uku suka fito. Na farko kwali mai sunan kamfani da manyan haruffa, a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta amlodifin miligiram 5. Magani ɗaya ne da sabon, suna ne ya bambanta, in aka haɗa su jini zai faɗi, tsohuwa ta ji jiri ta zube. Na biyu gilbenkilamaid, tsohon maganin sugarta, wanda ba ya cikin takardar sallama. An dakatar da shi da gangan ne ko an manta? Tambaya ce ta likita, amma kafin amsa ta zo ba za a ba ta ba, domin magani ne mai saukar da suga sosai, kuma Hajiya yanzu ba ta cin rabin abin da take ci a da. Na uku daiklofenak da ake saya mata a kemis saboda ciwon gwiwa. Shi da asfirin in sun haɗu suna jawo zubar jini a ciki, yana kuma ta da hawan jini ya wahalar da ƙoda. Duk ukun a ɗaure su a leda daban, a rubuta "ba a sha, sai an tambaya", a fitar da su daga ɗakin.

Tunda haɗiya tana da matsala, za a so a daka ƙwayoyin. Ba kowace ake dakawa ba. Wadda kwalinta yake ɗauke da haruffa irin SR, XR, MR ko EC an yi ta ne ta narke a hankali ko ta wuce ciki kafin ta narke, dakawa tana ɓata wannan. A kai jerin gaban mai harhaɗa magani ya duba ɗaya bayan ɗaya, a ƙara gida a shafin: ana dakawa, ko ba a dakawa.

Wani ƙaramin tarko kuma: a shafin nas sugar Hajiya 7.2 ce, na'urar gida ta nuna 130. Hankalin kowa ya tashi, alhali awo ɗaya ne da ma'auni biyu; in ka ninka na farko sau 18 za ka samu na biyu. A zaɓi ma'aunin na'urar gida, a rubuta komai da shi. Ƙasa da 70 a wannan ma'auni faɗuwar suga ce, kuma dole a tambayi likita tun kafin ta faru me za a yi wa wadda ba a ba ta ruwan suga tsinkakke.

Fata, motsi, da robar da aka manta

Saɓanin da ke ɓangaren motsi ya fi sauƙin warwarewa. Shafin nas na ranar 4 ya ce kada ta tashi daga gado, likitan gashi a ranar 12 ya ce a zaunar da ita a kujera sau biyu a yini. Nan sabon ne yake aiki, domin dukansu umarni ne a kan abu ɗaya, na farkon na kwanakin tsanani ne kuma wa'adinsa ya wuce. Abin da za a ƙara shi ne mutum nawa ake buƙata wajen tayar da ita, da gargaɗi da jan biro: kada a ja ta ta hannun dama. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya gocar da ita ya bar mata ciwon da zai hana gashin kansa. Kada kuma a gasa mata hannu ko ƙafa da ruwan zafi, domin gaɓar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

A shafin nas na ranar 11 akwai rabin layi da bai shiga takardar sallama ba: fatar ƙugu ta baya ta canza. Wannan rabin layi matsala ce mai zaman kanta, domin shi ne farkon gyambon kwanciya. A baƙar fata ba kasafai ake ganin ja ba. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri a hannu. Tsarin zai ce a juya ta duk awa 2, dare da rana, a ɗan karkace da matashi a bayanta maimakon a ɗora ta a kan ƙashin kwankwaso, a sa matashi ƙarƙashin sangali don dugadugai su rataya, kada a murza wurin, kada a bar ta cikin jiƙa. "Duk awa 2" ba ya aiki sai an sa suna a gaban kowace awa, musamman ƙarfe 2 da ƙarfe 4 na dare.

Robar fitsari kuwa an sa ta ranar 2, kuma babu takardar da ta faɗi ranar cirewa ko canzawa. Rashin magana ma saɓani ne. Duk kwanan da ta ƙara tana ƙara haɗarin ciwon mafitsara, don haka ta shiga shafin tambayoyi.

Washegari Malama ta koma asibiti da shafi ɗaya mai tambaya shida, kowace da lambar takardarta. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar da aka tsara ita ce take samun amsa a wurin ma'aikacin da layi yake jira. Ba ta ce "me za mu riƙa ba ta" ba. Cewa ta yi: "Likita, ranar 8 an ce kada a ba Hajiya ruwa tsinkakke, takardar sallama kuma ta ce abincin gida. An sake gwada ta ne?" Ya buɗe fayil ya ce ba a sake ba, a ci gaba da mai kauri, mataki na 2, a kawo ta ranar 28. Ta rubuta amsar a gabansa da rana, ta zama takarda ta 9.

Abin da yake hawa bango

Cikakken tsarin, mai matsaloli da madogara, a littafi yake zama, shi ake ɗauka zuwa asibiti. Abin da ake mannawa a bango shafi biyu ne da manyan haruffa, da Hausa, in akwai mai karanta ajami kaɗai a gidan a yi masa nasa. Ɗaya jadawalin yini ne daga asuba zuwa asuba, ɗaya kuma alamomin da in an gani a nemi mota nan take: baki ya sake karkacewa, sabon rauni, magana ta ƙara lalacewa, barcin da ba a iya tashinta, jijjiga, zazzaɓin da ya kai 38, numfashi da ƙyar. Awon hawan jinin da za a ɗauka haɗari likita ne zai faɗa, kamar yadda zai faɗi wanda ake nema, wanda ga yawancin masu wannan ciwo ƙasa da 130 bisa 80 ne. A ƙasan shafin a sa sunan asibitin da za a nufa da wanda zai tuƙa. Sauran bayanan sirri, irin na fitsari da bahaya, su tsaya a littafi, ɗakin mara lafiya ba ya rabuwa da baƙi.

Lokutan salla suna da amfani wajen motsa jiki, domin ba mai manta su: motsa gaɓoɓi bayan asuba da bayan la'asar, zama a kujera da hantsi da kafin magariba. Amma tazararsu ba ɗaya ba ce, don haka magani da juyi agogo za su bi.

Buri ma a rubuta shi yadda za a iya aunawa. "Ta samu sauƙi" addu'a ce, muna kuma yin ta, amma ba a gane ranar da ta cika. Burin da Malama da likitan gashi suka daidaita a kai, bayan sun tambayi Hajiya da kanta ta gyaɗa kai, shi ne nan da mako biyu ta zauna a bakin gado minti 10 ba jingina, don ta yi salla a zaune. Mafi yawan farfaɗowar da jiki yake yi a wata ukun farko take zuwa, shi ya sa tsarin da ya tsaya cak yana tauye mara lafiya, ana ci gaba da yi mata abin da ta riga ta iya yi da kanta.

Saboda haka kowane shafi yana ɗauke da ranar da aka rubuta shi da ranar da za a sake dubawa. Ranar 28 aka sake gwada haɗiyar Hajiya, aka yarda ta sha ruwa da ƙananan kurɓi tana zaune, aka cire robar fitsari, aka ƙara metfomin. A daren Malama ta sauke tsofaffin shafukan daga bango, ta ja musu layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta rubuta "an soke, 28 ga wata", ta adana su a bayan littafi. Ta manna sababbi, ta ɗauki hotonsu ta tura wa 'yan'uwanta, ta ce kowa ya goge na baya daga wayarsa, domin ƙanwarta da take karɓar kwanan ranar Juma'a da hoton waya take aiki.